Yadda Ake Gane Sikirinshot ɗin Hirar WhatsApp na Bogi

Wata baiwar Allah mai sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp ta taɓa turo mini wani hoto tana kuka. Wata da ke sayen kaya a wajenta ce ta watsa shi a guruf ɗin adashinsu. Hoton ya nuna mai kayan ta amsa cewa naira 85,000 sun shiga asusunta, alhali ita tana rantsuwa ko sisi ba ta gani ba. Na daɗe ina duba irin waɗannan hotuna, wasu na rikicin kuɗi, wasu na ɓata aure, kuma da wannan na mai atamfa zan nuna maka aikin daga farko zuwa ƙarshe. Abu guda zan gaya maka tun yanzu: duba hoto yana iya kama ƙarya, amma ba ya iya tabbatar da gaskiya. Hoton da ba a ga aibi a jikinsa ba, sai an koma kan wayar kanta kafin a ce sahihi ne.

Kayan aiki

Kana buƙatar hoton a mafi kyawun yanayin da za a samu. WhatsApp yana matse hoto duk lokacin da aka tura shi ta hanyar da aka saba, ƙananan alamomi su dusashe. Don haka ka nemi a turo maka shi ta `Document`, daga wayar da aka ce da ita aka ɗauka. In hakan bai yiwu ba, ka yi aiki da wanda ke hannunka, amma ka rage dogaro da kaifin haruffa, ka ƙara dogaro da lokuta da jerin saƙonni, domin matsewa ba ta taɓa su.

Na biyu, kuma shi ne ya fi komai, hoton gwaji. Ka samo waya irin wadda ake magana a kanta, ka buɗe wata hira ta gaske, ka ɗauki sikirinshot ɗinta. Shi ne ma'auninka. Idan hoton da ake tuhuma an yi ta tura shi ta WhatsApp, kai ma ka tura naka ga wani ya dawo maka da shi, don su sha matsa iri ɗaya. In ba a samu waya iri ɗaya sak ba, ka nemi ta kamfani ɗaya, ko aƙalla Android ga Android, iPhone ga iPhone.

Sai babban allo, na kwamfuta ya fi, da wani abu mai miƙaƙƙen baki kamar katin banki, da biro da takarda.

Mataki na 1: Rubuta abin da ake da'awa

Kafin ka zuƙo hoton, ka tambaya: wayar wa aka ɗauka da ita, wace iri ce, yaushe aka yi hirar, yaushe aka ɗauki hoton? Ka rubuta amsoshin. Masu koyo sukan tsallake wannan su faɗa neman aibi, ba su san cewa kusan rabin aikin gwada hoton ne da maganar mai shi ba.

A shari'ar mai atamfa, mai ƙorafin, wato mai sayen kayan, ta ce da wayarta ta Android ta ɗauka, an yi hirar ranar Litinin, ta ɗauki hoton ranar Juma'a da ta ga an fara yi mata musu. Saƙonni huɗu ne a ciki. Nata na 13:41, "Slm na tura 85k". Na mai kaya na 13:58, "Wslm bari in duba". Wani na mai kaya na 14:01, "Eh na gani, kuɗin sun shigo. Gobe zan tura kayan." Sai wani nata a can ƙasa da aka yanke, layin farko kaɗai ake gani.

Mataki na 2: Layin saman waya

Wannan shi ne siririn layin da ke nuna agogo, sabis da batir. Masu haɗa hoton bogi sukan manta da shi, ko su aro na wata waya.

Ka fara da tambayar ko layin saman da jikin manhajar na waya ɗaya ne. A Android, WhatsApp yana da kibiyar komawa baya mai jela, da ɗigo uku a tsaye a kusurwar dama, da alamar maƙalar takarda a cikin wajen rubutu. A iPhone babu ɗigo ukun nan, alamar komawa baya ba ta da jela, kuma alamar `+` ce a hagun wajen rubutu. Haka kuma iPhone ba ya jera tambarin manhajoji a layin sama idan saƙo ya shigo, Android ne ke yin haka. Duk hoton da ya gauraya waɗannan, haɗa shi aka yi.

Wurin agogo ma yana magana. Tsofaffin iPhone masu maɓalli a ƙasa suna sa agogo a tsakiya, sunan kamfanin layi a hagu. Daga iPhone X na 2017 agogo ya koma hagu, sunan kamfanin layi kuma ba ya fitowa a wurin idan kana cikin manhaja. In ka ga agogo na cewa 9:41 da batir cike fal, ka buɗe ido sosai: lokacin da kamfanin Apple ke sawa ne a hotunan tallarsa, kuma masu ƙera samfurin hoton waya sun kwaikwaye shi da yawa. Mutum na iya ɗaukar hoto da ƙarfe 9:41 na gaske, don haka wannan gargaɗi ne kawai.

Sai ka gwada agogon da saƙonnin. Idan an rubuta `Today` a saman hirar, babu saƙon da zai wuce lokacin da agogon sama ke nunawa. Tsarin lokaci ma ɗaya yake zama: wayar da agogonta ke cewa 14:07 ba za ta rubuta `2:01 PM` a jikin saƙo ba.

A hoton namu layin sama lafiya lau yake, na Android ne, SIM biyu, agogo 14:07. Amma a saman saƙonnin an rubuta `Today`. Da ranar Juma'a aka ɗauka kamar yadda ta ce, da `Monday` za a gani, domin WhatsApp yana rubuta `Yesterday` ga jiya, sunan rana ga kwanakin cikin mako, sannan cikakken kwanan wata ga abin da ya wuce haka. Ke nan minti shida bayan saƙon da ake rigima a kansa aka ɗauki hoton. Wannan bai nuna an taɓa hoton ba, ya dai nuna labarinta ya karkace. Na rubuta na ci gaba.

Mataki na 3: Jerin saƙonni, lokuta da tik

Saƙonnin mai wayar suna dama, na wanda ake hira da shi suna hagu. Tik kuwa a kan saƙonnin mai wayar kaɗai yake fitowa: ɗaya mai toka-toka na nufin saƙo ya tafi, biyu ya isa, biyu shuɗaye an karanta. Idan ka ga tik a jikin saƙon hagu, aikin ya ƙare, bogi ne. Haka kuma sunan da ke saman hira na wanda ake magana da shi ne, ba na mai wayar ba. Na sha ganin hoton da aka sa maganar wanda ake son a ɓata a dama, aka kuma sa sunansa a sama, kamar yana hira da kansa.

Ka kwafe lokutan a takarda daga sama zuwa ƙasa. Ya kamata su riƙa ƙaruwa. Inda sabis ke da rauni akan samu saƙon da ya makara ya zauna a wurin da bai dace ba tsakanin ɓangarorin biyu, amma saƙonnin mutum ɗaya su riƙa gaba da baya, wannan ba kasafai yake faruwa ba.

Akwai kurakurai biyu da masu koyo ke yi a nan. Na farko, su ga an ba da amsa alhali tik bai zama shuɗi ba, su ce ƙarya ce. Mutum na iya kashe shuɗin tik a saitinsa, ya karanta ya amsa, tik na nan toka-toka. Na biyu, su ga `last seen` ya nuna lokacin da ya riga saƙon ƙarshe na mutumin, su yanke hukunci. Wanda ya amsa saƙo daga sanarwar da ta faɗo a saman allo bai buɗe manhajar ba, don haka lokacin ganinsa na ƙarshe yana iya zama bai motsa ba.

Idan hirar tsohuwa ce aka ce, ka duba ko akwai abin da bai wanzu ba a lokacin. Shuɗin tik ya zo ne a Nuwamba 2014, mayar da martani da emoji a jikin saƙo a Mayu 2022, gyaran saƙo mai barin alamar `Edited` kuma a Mayu 2023, kuma cikin minti 15 da turawa kaɗai ake iya gyaran. Saƙon da aka ce na 2021 ne amma yana ɗauke da `Edited` ba ya bisa hanya.

Bayan lokuta, ka karanta hirar da babbar murya kamar mutane biyu ne ke magana a gabanka. Kowace amsa ta dace da abin da ya gabace ta? Nan ne hoton namu ya fara tonuwa. Layin da ya leƙo daga saƙon ƙasa da aka yanke yana cewa, "To ki ƙara dubawa". Wanda aka ce masa kuɗinsa sun shigo, godiya yake yi, ba ya cewa a ƙara dubawa. Wannan amsa ce ga wata magana dabam da ba ta cikin hoton.

Mataki na 4: Tazara da siffar akwatin saƙo

A nan nake ɓata lokaci fiye da ko'ina, domin manhaja ba ta kuskuren awo, ɗan Adam kuwa yana yi. Ka ajiye hoton da ake tuhuma kusa da na gwaji, ka zuƙo su daidai wa daida.

Ka fara da tazarar da ke tsakanin akwatuna. Iri biyu ce kawai: ƙarama tsakanin saƙonnin mutum ɗaya da suka biyo juna, da babba inda magana ta koma hannun ɗayan. Ka auna kowace, ko da ta hanyar sa alama a bakin takarda ne. In ka samu awo na uku, wani abu ya shiga ko ya fita a wurin.

Sai ka kifa katin a tsaye a bakin hagu na akwatunan hagu. Dole su tsaya a layi ɗaya, haka ma harafin farko na kowane saƙo. Ka maimaita a dama. Sannan ka duba lokacin da ke ƙasan kowane akwati: nisansa daga bakin dama da bakin ƙasa ba ya canzawa daga saƙo zuwa saƙo. Akwati kuma yana bin tsawon rubutu ne. Ɗan gajeren saƙo a cikin faffaɗan akwati mai fili a gefe alama ce ta an goge doguwar magana an sa gajeriya. Rubutun da ya matse har yana taɓa lokaci kuwa akasin haka ne.

Akwai kuma 'yar wutsiyar akwati, wato ɗan tsinin da ke nuna wanda ya yi magana. A sigogin WhatsApp na Android da aka daɗe ana amfani da su, tana kusurwar sama ne, kuma saƙon farko kaɗai ke da ita idan mutum ya turo saƙonni a jere. A iPhone tana kusurwar ƙasa. Tun da kamfanin yana sauya fasali lokaci zuwa lokaci, hoton gwajinka ne alƙali.

Abu na ƙarshe, bangon hirar. Idan mai wayar bai sauya shi ba, akwai ƙananan zane-zane a bayan akwatuna. Ka ƙara hasken allo ka bi su da ido a kewayen saƙon da ake rigima a kansa. Inda aka shafe wani abu, zanen yakan katse, ya maimaitu, ko wurin ya yi sumul.

A hoton namu abu uku suka fito. Saƙon 14:01 yana da wutsiya, alhali shi ne na biyu a jerin mai kaya, don haka bai kamata ya samu ba. Tazarar da ke ƙasansa, inda magana ta koma dama, ta fi ta hoton gwaji ƙanƙanta sosai. Wani zanen bango kuma ya yanke a bakin akwatin bai ci gaba ba. Fassarata ita ce an kwafi akwatin farko, an ja shi ya yi girma don ya ɗauki layi biyu, an ɗora shi a kan saƙon asali mai layi ɗaya.

Mataki na 5: Zubin haruffa

Yawancin wayoyin Android suna amfani da haruffan Roboto, iPhone kuma San Francisco tun 2015. Ba sai ka haddace siffarsu ba. Abin da za ka yi shi ne gwada hoton da kansa: ka ɗauki harafi ɗaya, misali "a", "g" ko "k", a saƙon da ake tuhuma, ka nemo irinsa a saƙon da kowa ya yarda da shi. Ka duba tsawo, kauri, duhun launi da tazarar layuka. Lambobi ma suna tona asiri, musamman 1 da 4 na jikin lokaci. Rubutun da aka ƙara daga baya yakan fi sauran kaifi, domin sauran sun riga sun sha matsa shi bai sha ba.

Ka yi hattara da abu biyu. Wayoyi da dama, irin su Samsung, Tecno da Infinix, suna barin mutum ya sauya zubin haruffa, kuma mutanenmu da yawa suna amfani da jabun manhajoji irin GBWhatsApp masu sauya launi, tik da siffar akwati. Don haka baƙon zubi a duk faɗin hoto ba hujja ba ce. Hujja ita ce zubi biyu a hoto ɗaya.

Mai duba hirar Hausa yana da ƙarin makami: haruffa masu lanƙwasa da hannun rubutun mutum. Wasu manhajojin gyaran hoto ba su da ɗ, ƙ da ɓ a zubin da aka zaɓa, sai su aro daga wani, harafin ya fito siriri ko ya ɗan karkace daga 'yan uwansa. Sannan kowa da yadda yake rubutu. Na karanta tsofaffin saƙonnin mai atamfa kusan talatin: "kudi" take rubutawa, ba ta sa waƙafi ko aya, "eh" ɗinta ma "ehh" ne. Saƙon 14:01 kuwa ga "kuɗin" da lanƙwasa, ga waƙafi, ga aya biyu. Wannan shi kaɗai ba ya isa, mutum na iya sauya allon rubutu ko wani ya amsa a madadinsa, amma ya zauna daidai da sauran.

Mataki na 6: Girman hoton

Wannan gajere ne. Ka buɗe bayanan hoton ka ga faɗi da tsawonsa. Sikirinshot na asali yana zuwa da girman allon wayar: iPhone 11 yana ba da 828×1792, iPhone 13 yana ba da 1170×2532, wayoyin Android da yawa 720×1600 ko 1080×2400. In ya bambanta, an yanke shi ko an matse shi. Suna irin `IMG-20240311-WA0007.jpg` yana nuna hoton ya bi ta WhatsApp, ba shi ne na asali ba. Yankewa ba laifi ba ce, amma ka tambayi abin da aka yanke.

Mataki na 7: Koma kan wayar

Hotunan bogi mafi haɗari ba su da ko ɗaya daga cikin alamomin da na lissafa, domin da WhatsApp na gaske aka yi su. Mutum ya ɗauki layinsa na biyu, ya ajiye lambar da sunan wanda yake so ya ɓata, ya sa hotonsa, ya yi hira da kansa. Ko ya goge wasu saƙonni ta `Delete for me`, wanda ba ya barin alama, ma'anar hira ta juye. Ko ya sauya rubutu a shafin WhatsApp Web na kwamfuta, ya ɗauki hoto kafin ya sabunta shafin. Babu awon da zai kama waɗannan.

Maganinsu shi ne ka riƙe wayar da hannunka. Ka buɗe hirar da kanka, ka taɓa sunan da ke sama ka karanta lambar, ka gwada ta da lambar mutumin ta gaske lamba bayan lamba, ka kira ta a gaban kowa. Ka ja hirar sama da ƙasa ka ga abin da ya gabata da abin da ya biyo. Sai ka yi haka a wayar ɗaya ɓangaren. Rashin saƙo a wayar wanda ake zargi bai wanke shi ba, domin shi ma yana iya gogewa, shi ya sa ake duba biyun tare. In ɗaya yana Accra ko Makka, ka tuna lokutan za su bambanta: Ghana tana bayan Najeriya da Nijar da awa ɗaya, Saudiyya tana gabansu da awa biyu.

In mutanen suna nesa, a yi kiran bidiyo da wata waya, ka riƙa ba da umarni yana bi nan take. Bidiyon allo da aka riga aka naɗa bai kai wannan ƙarfi ba. `Export chat` yana taimakawa wajen jera saƙonni, amma rubutu ne zalla da kowa zai iya gyarawa. Idan magana za ta je kotu a Najeriya, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ne ke tsara karɓar hujjar da ta fito daga na'ura, kuma ana neman bayani kan na'urar da ta fitar da ita, don haka kada a goge komai, kada a sayar da wayar, a nemi lauya da wuri.

Wajen faɗin sakamako, ka raba abin da ka gani kashi biyu: mai ƙarfi, kamar tik a saƙon hagu ko zubi biyu a hoto ɗaya, da mai rauni, kamar salon rubutu. Ka ce "an taɓa wannan akwatin", kada ka ce "wance ce ta haɗa", domin hoto ba ya nuna hannun da ya gyara shi, kuma mai watsawa ba lallai ne ya zama mai haɗawa ba.

Na rubuta wa uwar adashin abubuwan da na gani, na roƙi a haɗa wayoyin biyu. A wayar mai atamfa saƙon 14:01 yana nan, layi ɗaya: "Ban ga komai ba fa". A ƙasansa ga amsar 14:03 cikakkiya: "To ki ƙara dubawa anjima, bankin ne ke da matsala". Da aka nemi mai ƙorafin ta buɗe tata, sai ta ce hirar ta goge. Aka ciro bayanin asusun mai atamfa na wannan makon, babu 85,000 a ciki.